Maɓallin da na saka yana ƙirga kalmomi 4,000 a labarin da bai kai 700 ba, ina matsalar?

Ummu Hanifa: Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah masu kod ku taimaka min. Aikin fassara nake yi kuma da kalma ake biyana, to kullum sai na kwafi labari daga shafi na kai Word na ga adadin kalmomi kafin in faɗi farashi, abin ya ishe ni. Shi ne na ce bari in gwada haɗa ɗan ƙaramin ekstenshan na Chrome da zai saka maɓalli a kusurwar kowane shafi, in na danna ya karanta rubutun da ke shafin ya faɗa min kalmomi nawa ne. Fayil biyu kawai na yi a cikin folda ɗaya. Ga na farko, manifest.json:

```json
{
  "manifest_version": 3,
  "name": "Mai Karanta Shafi",
  "version": "1.0",
  "content_scripts": [
    { "matches": ["<all_urls>"], "js": ["content.js"] }
  ]
}
```

ga kuma content.js:

```js
const b = document.createElement("button");
b.textContent = "Karanta";
b.style.cssText = "position:fixed;bottom:16px;right:16px;z-index:2147483647";
b.addEventListener("click", () => {
  const rubutu = document.body.textContent;
  alert(rubutu.trim().split(/\s+/).length);
});
document.body.appendChild(b);
```

Maɓallin ya fito lafiya lau alhamdulillah, amma na gwada a wani labari da na san bai kai kalma 700 ba saboda na riga na ƙirga a Word, sai ya ce min 4,000 da ɗoriya. Da na yarda da shi ai da na kori kwastoma. Me na ɓata?

Ɗan Sabongari: Waalaikumussalam Anti. Ke har kin ga maɓalli ma, ni jiya na kwana ina fama da `Manifest file is missing or unreadable` alhali ga fayil ɗin ina kallonsa da idona a folda

Baffa Injiniya: Ɗan Sabongari da Notepad ka rubuta ko? Kusan tabbas sunan fayil ɗinka manifest.json.txt ne, Windows ce ta ɓoye maka wutsiyar. Buɗe foldar ka shiga View ka kunna File name extensions za ka gani, sai ka goge .txt ɗin. In ba shi ba ne to folda ka zaɓa ba daidai ba lokacin da ka danna Load unpacked don loda ekstenshan ɗin a Chrome, wadda manifest.json ke zaune a cikinta kai tsaye ake zaɓa, ba uwarta ta sama ba.

Ɗan Sabongari: Kai!! Wallahi shi ne, manifest.json.txt. Allah ya saka Baffa. Awa uku a kan haruffa uku

Baffa Injiniya: Amin. To Hajiya mu dawo naki. Kod ɗinki lafiyarsa ƙalau, layi ɗaya ne ke cutarki, wato `textContent`. Shi wannan ba ruwansa da abin da idonki ke gani, duk wani rubutu da ke cikin HTML na shafin yake tattarowa, har da abin da ke cikin `<script>` da `<style>` in a cikin body suke. Shafukan labarai kuwa cike suke da wannan, kod ɗin talla, kod ɗin ƙirga masu ziyara, wani lokacin ma labarin gaba ɗaya an sake zuba shi a matsayin JSON a ƙasan shafi. Duk wannan kika ƙirga a matsayin kalmomi. In kina so ki gani da idonki, maimakon adadi ki sa `console.log(rubutu)` ki danna F12 ki duba Console, za ki ga tarkacen da ya kwaso. Ki canza zuwa:

```js
const rubutu = document.body.innerText;
```

Shi innerText yana bin yadda burauza ta zana shafin ne, abin da aka ɓoye da `display:none` ba ya ɗauka, kod ma ba ya ɗauka.

Ummu Hanifa: Na canza Baffa, na adana, na danna, har yanzu 4,000 ɗin nan dai

Baffa Injiniya: Chrome bai san kin canza ba tukuna. Abu biyu ake yi duk lokacin da aka taɓa fayil, ki je chrome://extensions ki danna ƴar kibiyar nan mai zagaye da ke kan katin ekstenshan ɗinki, sannan ki koma shafin labarin ki sake loda shi. In kika yi ɗaya kika bar ɗaya tsohon kod ne zai ci gaba da aiki a shafin. Kowa ya taɓa faɗa wa wannan ramin, ni har yau yakan kama ni.

Ummu Hanifa: Yauwa yanzu ya sauko 1,130. Da sauƙi amma har yanzu ba mu je ba

Mai Shayin Layi: Ni dai tambaya ta, wace murya yake amfani da ita wajen karantawar? Mahaifina idonsa ya yi rauni, yana son jin labarai da Hausa, in wannan abin zai riƙa karanta masa shafi ai kun gama min komai. Ta mace ce ko ta namiji?

Ɗan Sabongari: hhhh Mai Shayi ba irin wannan karatun ba ne, kod ne ke karanta rubutun a cikinsa ba wai ya buɗe baki ba

Baffa Injiniya: Kar ka yi masa dariya, tambayar tana kan hanya. Mai Shayi Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Da zarar rubutun ya shigo hannu ana iya miƙa shi ga burauza ta furta, layi ɗaya ne:

```js
speechSynthesis.speak(new SpeechSynthesisUtterance(rubutu));
```

Matsalar ita ce murya, burauza da muryoyin da ke kan na'urarka take aiki. Ka buɗe Console ka rubuta `speechSynthesis.getVoices()` ka duba ko akwai wadda `lang` ɗinta ya fara da `ha`. In babu, muryar Turanci ce za ta karanta Hausar, kuma ba na jin Baba zai jure minti ɗaya. Amma ka buɗe wannan a zaren daban, kar mu janye wa Hajiya nata.

Mai Shayin Layi: To shi ke nan ranka ya daɗe, zan duba in dawo

Kodan Zazzau: Anti 1,130 ɗin nan daidai ne ai, innerText abin da ke kan sikirin kawai yake ɗauka, duk abin da idonki ya gani shi ya ƙirga. Ke ce dai ba ki lura da yawan rubutun da ke gefe da gefe ba, menu, kanun wasu labarai, talla, rubutun can ƙasa. In kin haɗa su za su kai.

Baffa Injiniya: Rabin maganarka gaskiya ce Kodan, menu da kanun labarai da ƙasan shafi su ne suka cike gibin. Amma cewa abin da ido ya gani kawai yake ɗauka, a'a. Na farko ba sikirin yake dubawa ba, shafin gaba ɗaya yake dubawa, har abin da sai ka gangara ƙasa za ka gani. Na biyu akwai rubutun da ido ba ya gani sam amma yana ɗauka. Maimakon mu ja dogon musu ga ɗan gwaji, kowa ya adana wannan da suna gwaji.html ya buɗe a Chrome:

```html
<meta charset="utf-8">
<body>
<p>Sannu da zuwa</p>
<p style="display:none">ɓoyayye ɗaya</p>
<p style="opacity:0">ɓoyayye biyu</p>
<input value="sirri">
<script>var x = 1;</script>
</body>
```

Da ido kalma nawa kake gani? Sannu da zuwa, uku, sai sirri a cikin akwati, huɗu ke nan. To ku danna maɓallin ku faɗa min abin da ya ce. In maɓallin bai fito ba ku shiga Details na ekstenshan ɗin ku tabbatar Allow access to file URLs a kunne yake, tunda daga kwamfutarku kuke buɗe fayil ɗin ba daga intanet ba.

Ummu Hanifa: 6 ya ba ni

Kodan Zazzau: Nima 6. Ya aka yi haka? Ko uku ko huɗu na zata

Baffa Injiniya: To mu ƙirga tare. Sannu da zuwa, 3. Ɓoyayye ɗaya ya tsallake shi tunda `display:none` ne, burauza ba ta ba shi wuri a shafi ba ko kaɗan. Ɓoyayye biyu kuwa ya ɗauka, 5 ke nan, domin `opacity:0` rubutun yana nan zaune a wurinsa ya cinye fili, haske kawai aka ɗauke masa, a wajen innerText wannan zananne ne. Sirri da kuke gani ƙuru-ƙuru a akwati bai ɗauka ba, saboda abin da ke cikin input ba rubutun shafi ba ne, `value` ne, sai an tambaye shi daban. Kun ga ya ɗauki abin da ba a gani ya bar abin da ake gani. Saura ɗaya, wa zai faɗa min daga ina ta shida ta fito?

Ɗan Sabongari: Maɓallin kansa!! kalmar Karanta

Baffa Injiniya: Ka ci. Hajiya ta liƙa maɓallin a cikin body sannan ta ce a ƙirga body, ya ƙirga kansa. Kalma ɗaya ba komai ba ce yanzu, amma ranar da kika daina alert kika fara nuna sakamako a wani akwati cikin shafin, sai ya ƙirga sakamakon shi ma, adadin ya ƙaru kina mamaki. Maganin mai sauƙi shi ne layin ƙarshe ya koma haka:

```js
document.documentElement.appendChild(b);
```

Yanzu maɓallin yana rataye a jikin html, maƙwabcin body ne ba ɗansa ba. Akwai riba ta biyu ma, shafukan da ke share abin da ke cikin body su sake zanawa in an matsa daga labari zuwa labari ba za su tafi da maɓallinki ba. Da textContent kuwa wannan ɗan gwajin 12 zai ba ku, bakwai na sakin layi ukun, huɗu na `var x = 1;` da ɗaya na maɓalli. A shafi mai layi biyar ke nan, to ku auna babban shafin labarai.

Kodan Zazzau: Na sallama a kan opacity. Amma wa ke saka rubutu ya ɗauke masa haske kuma, ai da wuya a gamu da shi

Baffa Injiniya: Kullum ana gamuwa da shi. Menu da ke fitowa a hankali in ka ɗora linzami, da yawansu da opacity ake ɓoye su. Sannan akwai rubutun da ake sakawa don makafi masu amfani da manhajar karanta sikirin, irin su Skip to content, ana matse shi ya koma ɗigo ɗaya ko a tura shi can waje da gefen shafi, ba a sa masa display:none da gangan don manhajar ta iya jin sa. Duk wannan innerText na kwasa.

Ummu Hanifa: To ni yanzu ya zan yi in samu labarin kaɗai ban da menu da talla? Shi ne buƙatata tun farko

Kodan Zazzau: Wannan mai sauƙi ne Anti. Ki kwafi body ɗin a gefe, ki cire nav da footer da aside daga kwafin, sai ki karanta abin da ya rage, ba ki taɓa ainihin shafin ba:

```js
const kwafi = document.body.cloneNode(true);
kwafi.querySelectorAll("nav,footer,aside").forEach(e => e.remove());
const rubutu = kwafi.innerText;
```

Ummu Hanifa: Kodan na saka naka ya koma 3,800 da wani abu. Mun koma gidan jiya

Kodan Zazzau: Haba dai. Ai innerText ne fa ba textContent ba, kin tabbata kin kwafa daidai?

Baffa Injiniya: Daidai ta kwafa, tarko ne kuma dabarar taka ba ta banza ba ce, mutane da yawa nan suke bi. Abin da ya faru shi ne kwafin da ka yi ba ya cikin shafi, yana yawo ne a ƙwaƙwalwa kawai, burauza ba ta zana shi ba. To innerText da zane yake aiki, in ka tambaye shi a kan abin da ba a zana ba sai ya ba ka abin da textContent zai bayar, shiru ba kuskure ba gargaɗi. Shi ya sa kod ɗin talla ya dawo. Alamar da za ka gane da ita, in ka buga rubutun a Console za ka ga function da baka-baka a ciki, kuma sakin layi sun cakuɗe ba kamar yadda suke a shafi ba.

Ni abin da nake yi, ba na cirewa daga body, zuwa nake kai tsaye wurin da labarin yake:

```js
const wuri = document.querySelector("article")
  || document.querySelector("main")
  || document.body;
const rubutu = wuri.innerText;
```

In shafin yana da article ya ɗauka, in babu ya nemi main, in babu ya haƙura da body.

Ummu Hanifa: 702!! Word ya ce 688. Bambancin na duba, kwanan wata ne da sunan marubuci da rubutun ƙarƙashin hoto. Wannan ai ya yi min, Allah ya saka da alheri Baffa, ya jiƙan mahaifa

Baffa Injiniya: Amin Hajiya. Amma kar ki saki jiki tukuna, querySelector article na farko da ya tarar yake ɗauka. Wasu shafukan kowane ɗan katin labari da ke gefe article ne, in ɗaya daga cikinsu ya riga babban labarin zuwa sai ki ga ya ce kalma 14. In adadi ya yi ƙanƙanta da yawa wannan ne. Ana iya tara su duka da querySelectorAll a zaɓi wanda rubutunsa ya fi tsawo, yawanci shi ne labarin. Ni shawarata ki sa alert ɗin ya riƙa nuna miki kalmomi goma na farko tare da adadin, kallo ɗaya kin san ko daidai wuri ya kama.

Gwaggon Yara: Sannunku da ƙoƙari. Nima ina da irin wannan da ɗana ya haɗa min bara don duba rubutun ɗalibai a shafin makaranta, amma nawa abin mamaki yake yi, a rubutun Turanci daidai yake da Word, a na Hausa kullum sai ya yi ƙari, wani lokacin ashirin wani lokacin talatin. Na zata aljanu ne. Layin ƙirgar haka yake `rubutu.match(/\w+/g).length`

Baffa Injiniya: Gwaggo ba aljanu ba ne, haruffa masu lanƙwasa ne. A JavaScript `\w` bai san komai ba sai A zuwa Z manya da ƙanana, da lambobi, da `_`. Ƙ da ɗ da ɓ da ƴ a wajensa ba haruffa ba ne, kamar fili yake ganinsu. To in harafin a farkon kalma yake kamar ƙasa, zai ga asa, kalma ɗaya, adadi bai lalace ba. Amma saƙo zai gan shi sa da o, biyu. Kuɗi, ku da i. Taɓa, ta da a. Haka ma hamza, a'a da ma'ana da jama'a duk biyu-biyu yake raba su. Ki ce wa yaron ya koma irin na Ummu Hanifa, `split(/\s+/)`, shi a kan fili yake yanka, ba ruwansa da wane harafi ne a ciki.

Gwaggon Yara: Ikon Allah. Ashe yaran da suka fi rubuta Hausa daidai su ne adadinsu ya fi kumbura, masu rubuta kudi da sako ba ƙugiya nasu daidai yake fitowa

Ɗan Sabongari: Tunda an zo kan ƙugiya, na canza sunan maɓalli na zuwa Ƙirga sai ya fito ?irga

Baffa Injiniya: Notepad ɗin nan dai. Ka yi Save As ka duba Encoding a ƙasa, ka zaɓi UTF-8 ba ANSI ba, sannan ka sake rubuta Ƙ ɗin domin wanda ya koma alamar tambaya ya riga ya mutu. In fayil ɗin ba UTF-8 ba ne wani lokacin ma Chrome ƙin loda shi yake yi gaba ɗaya ya ce maka `It isn't UTF-8 encoded`. Ka sauke VS Code ka huta malam.

Ummu Hanifa: Na dawo da sabuwa. Wani kwastoma ya turo min shafin tambayoyi da amsoshi, irin wanda sai ka danna tambaya amsar ta buɗe. Maɓallina ya ce 190, na yi murna na ce ƙaramin aiki ne, da na bubbuɗe amsoshin na sake dannawa ya ce 1,450. Saura ƙiris in faɗi farashin 190

Kodan Zazzau: Ahaf. To Baffa ka ga a nan textContent ɗin da aka kora shi ne mai gaskiya

Baffa Injiniya: A nan kam kana da hujja, ba zan musa ba. Amsoshin a naɗe suke da display:none, innerText ya yi abin da aka sa shi, ya bar abin da ba a zana ba. Ita kuma Hajiya ba abin da ake gani take nema ba a gaskiya, abin da za ta fassara take nema, kuma ba kullum suke zama abu ɗaya ba. Ni da zan nuna adadi biyun tare, na innerText da na textContent, duka a kan article ba body ba. In sun yi kusa, shi ke nan. In sun yi nisa da juna, akwai abin da ke ɓoye, sai ta duba da ido ko amsoshi ne a naɗe ko kod ne.

Kodan Zazzau: Ni kuma da kwafin nan nawa zan koma, in ƙara script da style cikin abin da ake cirewa, in karanta textContent kai tsaye. Adadi ɗaya, ba ruɗani

Baffa Injiniya: Zai yi aiki a wannan shafin, amma zai kwaso miki duk wani ɓoyayye, har da menu na waya da aka ɓoye a kwamfuta, wato rubutu ɗaya sau biyu. Kuma textContent ba ya saka fili tsakanin sakin layi in babu shi a HTML ɗin, kalmar ƙarshe ta wannan sai ta manne da ta farkon na gaba su zama ɗaya. Sannan wasu shafukan ba sa ma kawo amsar sai ka danna, kafin nan babu ta a ko'ina, ba wanda zai gan ta cikin su biyun.

Kodan Zazzau: Duk da haka ga mai fassara gara adadi ya ɗan haura da ya gaza

Ummu Hanifa: Kwastoma ba zai yarda da kai ba Kodan hhh. Zan sa biyun in gani na sati ɗaya

Malam Tsaro: Na karanta tun daga sama ina jira wani ya yi magana a kan `<all_urls>` ba wanda ya yi. Hajiya kin san abin da kika ba wa wannan ɗan kod ɗin? Yana shiga kowane shafi da kika buɗe, imel ɗinki, shafin bankinki, komai. Ki duba Details za ki ga Chrome ya rubuta `Read and change all your data on all websites`. Hanyar da ta dace ita ce izinin activeTab da scripting, a sa alama a saman burauza, sai kin danna ta sannan kod ya shiga wannan shafin kaɗai, kuma wannan izinin ba ya kawo gargaɗi lokacin sakawa.

Baffa Injiniya: Gaskiya ne Malam, amma a lura, kod ɗinta layi goma ne ta rubuta da hannunta, babu fetch babu inda yake aika komai, alert yake yi ya tsaya. Kuma in ta koma activeTab maɓallin cikin shafi ya rasa amfani, tunda sai ta danna na sama kafin na ƙasa ya fito, ga ƙarin fayil na service worker. Ita maɓalli a shafi ta ce tana so.

Malam Tsaro: Yau layi goma ne. Gobe za ta tura wa ƙawayenta masu fassara a WhatsApp, jibi wani ya ƙara layi biyu ya sake turawa, su kuma sun saba danna Load unpacked ba sa karantawa. Haka ake cin mutane. In dole sai maɓallin, a taƙaita matches zuwa shafukan da take aiki da su:

```json
"matches": ["https://ha.wikipedia.org/*", "https://en.wikipedia.org/*"]
```

ta ƙara wasu in buƙata ta taso

Ummu Hanifa: Malam kullum sabon shafi ake turo min fa, yau na asibiti gobe na ƙungiya, ba zan iya gyara manifest duk safiya ba

Baffa Injiniya: Akwai tsaka-tsaki ba tare da taɓa kod ba, a Details akwai Site access, ki mayar da shi On click. Maɓallin ba zai fito ba sai a shafin da kika danna alamar ekstenshan ɗin, wani lokacin zai ce ki sake loda shafi.

Malam Tsaro: Wannan ya kare ita, bai kare wanda za ta tura wa ba. Ni dai ina kan bakana

Ɗan Sabongari: Nawa bai fito a sabon tab ba, kuma bai fito a chrome://extensions ba, na ɓata wani abu ne kuma?

Baffa Injiniya: A'a wannan karon ba laifinka, Chrome ba ya barin irin wannan kod ya shiga shafukan chrome:// ko Chrome Web Store, ko me ka rubuta a matches. Gwada a shafin labarai na yau da kullum. Haka kuma kar ka yi mamaki in ka gwada a Google Docs ka ga adadi ba ya kama da takardar, tun 2021 suka koma zana rubutun a canvas, kamar hoto yake a wajen innerText. Rubutun da ke cikin iframe ma ba ya gani, shi shafi ne a cikin shafi.

Kodan Zazzau: Na iframe sai a sa `"all_frames": true` a manifest ya wuce wurin

Baffa Injiniya: Sa ka gani, kowane akwatin talla sai ya haifi nasa maɓallin Karanta, kuma kowanne nasa rubutun kaɗai zai ƙirga. Haɗa su wuri ɗaya sai an fara aika saƙo tsakaninsu, ya wuce fayil biyu.

Gwaggon Yara: A waya fa? Ni rabin aikina a waya nake yi

Malam Tsaro: Chrome na Android ba ya ɗaukar ekstenshan Gwaggo. Firefox na Android yana ɗauka, amma ba kamar kwamfuta ba ne da za ki nuna masa folda kawai. A Firefox na kwamfuta kuwa about:debugging ake shiga a danna This Firefox sannan Load Temporary Add-on a zaɓi manifest.json, sai dai da kin rufe burauzar ya tafi, gobe sai an sake.

Mai Shayin Layi: Na dawo. Na rubuta getVoices ɗin, da farko ya ba ni baka biyu wayam, na sake rubutawa sai ga jeri, na duba ɗaya bayan ɗaya babu ha ko ɗaya a kwamfutata. Na gwada da ta Turancin don in ji, Baba ya ce in kashe kafin ya jefe ni da buta

Ummu Hanifa: Ayya Baba hhh. Baffa na sa adadi biyun, a shafin farko 702 da 731, a na tambayoyi 190 da 1,502. Wannan 29 ɗin da ke tsakani a shafin farko ban gano ko menene ba, zan buga su a Console da daddare in yara sun yi barci in turo